Katin aljihu na babin zafi da iskar gas: yadda na farko ya ɓata lissafi, da yadda aka gyara shi

Wata ɗaliba mai karatun fiziks tana da shafi 38 na rubutun aji a kan zafi da iskar gas, wanda ta tara a cikin mako shida. Ta zauna dare ɗaya ta tsamo abin da take gani shi ne ƙashin bayan babin, ta zuba shi a kati mai girman tafin hannu: ma'anoni, ma'aunai, da tsayayyun adadi irin su R da k. Katin ya yi kyau a ido. Da ta ɗauki tambayoyin gwaji guda goma tana amsawa da katin kaɗai, littafi a rufe, sai uku suka fito ba daidai ba. Abin lura shi ne a duk ukun ta zaɓi fomular da ta dace, kuma ba ta yi kuskuren ninkawa ko rabawa ba. Katin ne ya miƙa mata abin da ya kai ta ya baro ta.

Mun bi katin layi-layi muna kwatanta shi da shafukan da aka kwafo shi. A layukan da suka shafi tambayoyin nan uku, babu adadi ko ɗaya da aka rubuta ba daidai ba. Abin da ya faru shi ne kowane adadi ya baro abokin tafiyarsa a cikin littafi: wani ya baro ma'auninsa, wani ya baro sharaɗinsa.

Tambayar ƙanƙara, inda kuskuren ya ɓuya

Tambaya ta farko ta ce a nemo makamashin da za a kashe a mayar da ƙanƙara mai nauyin kilogiram 0.50, wadda take a 0 °C, ta zama ruwa mai 20 °C. Aikin hawa biyu ne. Na farko narkewa, Q = mL, inda L na ƙanƙara yake 3.34 × 10⁵ J kg⁻¹, wato 167,000 J. Na biyu ɗumama ruwan da ya narke, Q = mcΔT, wato 0.50 × 4200 × 20, ya ba da 42,000 J. Jimla 209,000 J.

Ɗalibar ta samu 167,042 J. A katinta an rubuta "c na ruwa = 4.2", babu komai a gabansa. Da muka koma littafin, adadin ya fito sau biyu. A shafi na 6 malami ya ba da 4200 J kg⁻¹ K⁻¹. A shafi na 11, ranar da aka yi gwajin awon zafi da ƙaramin kofin tagulla, ana auna ruwa da giram, sai aka rubuta 4.2 J g⁻¹ K⁻¹. Duka biyun gaskiya ne, abu ɗaya ne aka faɗa da ma'auni biyu. Ita ta ɗauki gajeren saboda wuri ya yi ƙaranci, ta bar ma'aunin, sannan ta haɗa shi da nauyi a kilogiram.

Abin da ya sa wannan ya fi sauran haɗari shi ne amsar ba ta yi kama da shirme ba. Kuskuren ninki dubu ne, amma ya faɗa kan ƙaramin ɓangare na lissafin, babban ɓangaren ya rufa masa asiri. Wanda ya ga 167,042 ba zai ji komai a ransa ba, sai dai in ya lura cewa ɗumama rabin lita na ruwa da digiri ashirin ba zai ci jul 42 kacal ba. Wannan ya nuna cewa tambaya mai hawa-hawa ba ta isa ta gwada kati ba. Kowane layi yana buƙatar gwajinsa shi kaɗai, da abin da mutum ya sani da idonsa. Ga na c: butar lantarki mai wat 2000 ta ɗauki kilogiram ɗaya na ruwa daga 20 °C zuwa 100 °C. Da 4200, makamashin 336,000 J ne, lokacin kuwa daƙiƙa 168, kusan minti uku, kuma haka buta take yi. Da 4.2, ruwan zai tafasa kafin a ɗauke yatsa daga makunni. Nan take layin ya tona kansa.

Akwai wani ƙaramin saɓani a nan da ya kamata a yanke tun kafin a fara rubutu. Littattafai ba su yi ittifaƙi a kan yadda ake taƙaita waɗannan adadi ba: wani ya ce 4200, wani 4190, wani 4186, L na ƙanƙara wani ya ce 3.34 × 10⁵, wani 3.36 × 10⁵. Kati ba wurin tara ra'ayoyi ba ne. A ɗauki wanda malamin darasin yake aiki da shi, a rubuta shi kaɗai. Idan takardar tambaya ta kawo nata adadin, nata ake bi, na kati ya koma gefe.

R guda biyu

Tambaya ta biyu: mol 2.0 na iskar gas a cikin tukunya mai girman 0.050 m³, a 300 K, a nemo matsi. Da pV = nRT da R = 8.31 J mol⁻¹ K⁻¹, amsar ita ce 2.0 × 8.31 × 300 ÷ 0.050, kusan 9.97 × 10⁴ Pa, wato dab da matsin iskar da muke shaƙa. Ɗalibar ta samu 985 Pa.

A katin an rubuta R = 0.0821. Wannan ma ba ƙarya ba ne. Shi ne R idan ana auna girma da lita, matsi kuma da atm, kuma ya shigo littafin ne daga wani misali da aka aro daga darasin kemistiri a shafi na 29. Lita ɗaya a ninka da atm ɗaya ya kai jul 101.325, shi ya sa amsarta ta gaza da kusan ninki 101. Duk wanda ya ga amsar tambayar gas ta kauce da abin da ya ɗan haura ɗari, to ya fara duba R.

Gyaran da ya fi tsafta shi ne kati ya tsaya a kan tsarin SI kaɗai: kilogiram, mita, daƙiƙa, kelbin, mol, da abin da aka gina daga gare su kamar jul da faskal. Duk wani ma'auni na daban ya koma kusurwar canji, a rubuta shi a matsayin gada zuwa SI: 1 atm = 1.013 × 10⁵ Pa = 760 mmHg, 1 L = 10⁻³ m³, 1 cm³ = 10⁻⁶ m³. Da waɗannan layuka uku, R ɗaya ya wadatar. Mu a ganinmu 0.0821 bai cancanci wuri a katin fiziks ba ko da an sa masa ma'auninsa, domin ido mai gaggawa yakan ɗauki wanda ya fara gani.

Layin 1 cm³ ɗin nan kuwa kada a raina shi. Mutane da yawa sun haddace cewa santimita ɗari ke yin mita, sai hannu ya rubuta 10⁻² a inda ake son 10⁻⁶, alhali ɗarin sau uku ake ninka shi.

Inda digiri ke aiki da inda ba ya yi

Tambaya ta uku ita ce tsohon tarkon babin. Gas mai lita 2.0 a 27 °C aka ɗumama zuwa 54 °C, matsi bai canza ba. Ɗalibar ta ce girman ya ninka, ya zama lita 4.0. Amsar gaskiya 2.0 × 327 ÷ 300 ce, lita 2.18.

Katin yana da layin T = θ + 273, don haka ba rashin sani ba ne. Matsalar ita ce layin yana bayan kati, dokar Charles kuma tana gaba, an rubuta V₁/T₁ = V₂/T₂ babu wata alama. Sannan a saman wannan fuskar akwai Q = mcΔT, inda ta saba zuba digirin Selsiyos kai tsaye kuma amsa ta fito daidai. To me zai hana ta yi haka a layi na ƙasa?

Bambancin yana da sauƙin faɗa, amma sai an rubuta shi a inda ido zai ci karo da shi. Idan fomula tana ɗauke da ΔT, wato tazara tsakanin matakan zafi biyu, digirin Selsiyos da kelbin girmansu ɗaya ne, 273 ɗin yana soke kansa a wajen ɗebewa. Idan kuwa T ce tsurarta, ana ninka ta ko ana rabawa da ita, dole a fara ƙirga daga sifilin gaske, wato kelbin. A sabon katin an zagaye kowace T tsura da jan biro, aka rubuta ƙaramin K a kanta. ΔT ba a taɓa ta ba. Jan biron bai fito a ko'ina ba sai nan, shi ya sa yake da tasiri. Katin da aka yi wa ado da launi biyar ba ya gargaɗin kowa.

Yadda aka sake tsamo abubuwan

Aikin na biyu bai fara da kati ba, da fensir ya fara. An bi shafukan 38 sau ɗaya ana sa alama a gefe: M ga ma'ana, A ga ma'aunin awo, T ga tsayayyen adadi. Ba a kwafi komai ba a wannan zagayen. Alamomin sun kai 71. Daga nan aka zuba su a babbar takarda mai ginshiƙi shida: sunan abu, alamarsa, adadinsa, ma'auninsa, sharaɗinsa, da lambar shafin da ya fito. Ginshiƙin shafi ba ya shiga kati, amma shi ne ya sa aka gano 4200 da 4.2 suna zaune a layuka biyu da suna ɗaya. Duk abin da ya fito sau biyu da fuska biyu, a nan ake sasanta shi. Duk layin da ginshiƙin ma'auninsa ya zauna fayau, ko dai a cike shi, ko a rubuta "babu" da gangan idan abin ba shi da ma'auni.

Ragewa ta biyo baya, da tambaya ɗaya: wannan layin za a iya fitar da shi daga wani layin cikin daƙiƙa goma? Faɗaɗar fili da faɗaɗar girma ba su buƙatar layinsu, tunda kusan ninki biyu da ninki uku ne na α, wato na faɗaɗar tsawo. "β ≈ 2α, γ ≈ 3α" ya ɗauke su. Dokokin Boyle da Charles da ta matsi duk suna cikin pV/T tsayayye, sai dai an bar sharaɗin kowacce saboda ana tambayar ma'anarsu da baki. Misalan da malami ya warware duk an bar su a littafi. Daga 71 aka dawo 30.

Ma'anoni su ne suka fi cin lokaci, domin a nan taƙaitawa take yanka nama. A katin farko an rubuta c a matsayin "zafin da ake buƙata a ɗaga matakin zafin abu da digiri ɗaya". Jimlar ta yi daɗin karantawa, amma ta zubar da "kilogiram ɗaya", kuma da zubar da shi ta koma ma'anar babban C, wanda na abu ne sukutum, ma'auninsa J K⁻¹. Akwai hanyar kama irin wannan ba tare da buɗe littafi ba: a karanta ma'aunin kamar jimla. J kg⁻¹ K⁻¹ gaɓa uku ne, jul, ga kowane kilogiram, ga kowane kelbin. Ma'anar da aka rubuta dole ta taɓa gaɓoɓin uku. Idan ta taɓa biyu, an yar da ɗaya a hanya.

Wannan dabarar tana da iyaka. Ma'auni yana tsare gaɓoɓin lissafi, amma ba ya tsare sharaɗi. L, ɓoyayyen zafin narkewa, ma'auninsa J kg⁻¹, kuma babu inda ya nuna cewa canjin yana faruwa ne ba tare da matakin zafi ya motsa ba, alhali wannan shi ne zuciyar ma'anar. Haka dokar Boyle: pV tsayayye ne kawai idan yawan gas ɗin bai canza ba kuma T ba ta canza ba. Mai taƙaitawa yakan ga waɗannan kalmomi kamar ciko ne, su ne kuma mai duba takarda yake nema. Saboda haka kowace ma'ana a sabon katin an raba ta biyu da tsayayyen layi: hagu abin da ake aunawa, dama sharaɗi.

Haruffan da ke rikiɗa

Babin zafi yana da ƙarancin haruffa da yawan ma'anoni. Ƙaramin c, babban C, da C na °C suna iya haɗuwa a layi ɗaya. L ɓoyayyen zafi ne, L kuma lita. Harafin m nauyi ne a cikin Q = mL, mita ne a cikin m³. Ƙaramin n yawan mol ne, babban N yawan ƙwayoyin gas, kuma pV = nRT da pV = NkT ba sa yafe wa wanda ya musanya su. Harafin k a wannan littafin ya ɗauki aiki biyu, adadin Boltzmann a babin gas da kuma ƙarfin abu na ratsar da zafi a babin da ya gabace shi. A littattafan ɗab'i ana karkata harafin da ke nufin abin awo, a bar na ma'auni a miƙe, amma rubutun hannu ba ya nuna wannan. Mafita ita ce wuri: alama kullum a hagun alamar daidai, ma'auni kullum a ƙarshen layi bayan tazara. Lita kuma an rubuta ta cikakkiya, an bar wa ɓoyayyen zafi L.

Ga yadda kusurwar tsayayyun adadi ta kasance:

```
c (ruwa)      4200         J kg⁻¹ K⁻¹
L (narkewa)   3.34 × 10⁵   J kg⁻¹      0 °C
L (tururi)    2.26 × 10⁶   J kg⁻¹      100 °C, 1 atm
R             8.31         J mol⁻¹ K⁻¹  da n
k             1.38 × 10⁻²³ J K⁻¹        da N
N_A           6.02 × 10²³  mol⁻¹
```

Lambobi uku masu ma'ana sun isa, tunda bayanan tambayoyin kansu ba sa wuce biyu ko uku. Ƙananan lambobin da ke saman goma su ne suka fi saurin dusashewa a aljihu, musamman alamar ɗebewa ta 10⁻²³, don haka an rubuta su da ɗan girma fiye da yadda aka saba, da biro mai bakin milimita 0.5. Fensir ba ya jure gogayya.

Layukan ƙasa uku suna gadin junansu, domin R = N_A × k, inda N_A yake yawan ƙwayoyin da ke cikin mol ɗaya. A buga 6.02 × 10²³ sau 1.38 × 10⁻²³, a samu 8.31. Idan an yi kuskuren kwafi a ɗaya daga cikinsu, wannan ninkawar za ta nuna. A nan ne ma wani kuskure na daban yakan fito, wanda ba na kati ba ne: maɓallin `EXP` ko `×10ˣ` na kalkuleta ya riga ya ƙunshi "sau goma", don haka wanda ya buga 3.34 × 10 sannan ya danna shi ya sa 5, ya shigar da 3.34 × 10⁶ ne bai sani ba.

Layuka biyu da suka tsufa a littafin

Rubutun aji yakan gaji tsofaffin littattafai, kuma babbar takardar ta fito da biyu. Na farko girman mol ɗaya na gas, lita 22.4, wanda aka rubuta da "a daidaitaccen yanayi" kawai. A gwada shi da katin kansa: V = RT/p, 8.31 × 273.15 ÷ 101,325, ya ba da 0.0224 m³. To 22.4 na 0 °C ne da atm ɗaya. Amma tun 1982 ƙungiyar masana kemistiri ta duniya, IUPAC, ta mayar da daidaitaccen matsi 100,000 Pa, kuma a wannan matsin amsar lita 22.7 ce. Littattafan makaranta da yawa suna nan a kan 22.4. A kati an goge "daidaitaccen yanayi", an rubuta sharaɗin da lambobi: 0 °C, 1 atm.

Na biyu ma'anar kelbin. Littafin ya ce kashi ɗaya ne cikin 273.16 na matakin zafin da ƙanƙara da ruwa da tururi suke zama tare. Haka yake a da. Daga ranar 20 ga Mayu 2019 an sake ginin SI, kelbin ya koma dogara ga adadin Boltzmann, wanda aka tsayar a 1.380649 × 10⁻²³ J K⁻¹ cif. Wannan bai canza amsar ko tambaya ɗaya ta aji ba. Abin da ya shafi kati shi ne 273.16 da 273.15 sun yi kama ƙwarai, kuma katin farko ya rubuta 0 °C = 273.16 K. Na canji shi ne 273.15, ɗayan kuwa 0.01 °C ne. An bar 273.15 a kati, da 273 a gefensa don lissafin yau da kullum, tsohuwar ma'anar kuma an yi mata alamar tambaya a littafi domin a ji daga malami wacce manhajar take so.

Katin da gwajinsa

An yi amfani da takarda mai kauri girman A6, aka ninke ta biyu ta koma A7, milimita 74 da 105, fuska huɗu. Da tazarar milimita 5 tsakanin layuka, kowace fuska tana ɗaukar layi 18 bayan an bar gefe. Ma'anoni sun ci fuska biyu saboda kowacce tana cin layi biyu ko uku, fomuloli da ma'aunansu suka ɗauki ta uku, tsayayyun adadi da canji suka ɗauki ta huɗu. An bar layi huɗu babu komai a ƙarshe. Ba sai an faɗa ba, katin na bita ne da aikin gida, ba ya shiga ɗakin jarrabawa sai inda aka ba da izini a fili.

Da aka gama, wata abokiyar karatunta ta riƙe babbar takardar, ita kuma tana karanto katin da murya, adadi da ma'auni da sharaɗi, domin wanda ya rubuta abu yakan karanta abin da ya yi niyya ne, ko da hannunsa ya rubuta wani. A nan aka kama L na tururi an sa masa 10⁵ maimakon 10⁶. Alamar da za ta nuna wannan ko ba abokiya ita ce mayar da ruwa tururi ya fi narkar da ƙanƙara cin makamashi kusan ninki bakwai, don haka L na tururi ba zai taɓa zama ƙasa da na narkewa ba.

Sannan aka maimaita tambayoyin goma, aka ƙara sababbi goma, littafi a rufe, da sharaɗin duk lokacin da hannu ya kai ga littafi a rubuta abin da aka je nema. Sau biyu hakan ta faru: c na tagulla, wanda malamin yake ɗauka 400 J kg⁻¹ K⁻¹, da nauyin ruwa a kowace m³, 1000 kg m⁻³, wanda ake buƙata idan tambaya ta ba da ruwa a lita maimakon kilogiram. Su biyun suka shiga layukan da aka bari, saura biyu.